Kafin rahoto ya hau teburin Darakta: yadda za mu riƙa duba shi

Abokan aiki, assalamu alaikum.

Da yawanku kun san abin da ya faru da rahoton rubu'in da ya wuce. An kai shi sama da safe, kafin azahar masinja ya dawo da shi da jan biro a wurare biyu. A shafin farko mun rubuta adadi ɗaya, a jadawalin shafi na shida mun rubuta wani. Da na shiga, Yallaɓai Darakta bai ɗaga murya ba. Ya ɗora yatsa a kan wannan, ya buɗe ya ɗora a kan wancan, ya ce, "Malam, wanne zan faɗa a taro?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma." Minti goman nan ya zama awa biyu, domin ni kaina ban san wanne ne daidai ba sai da aka buɗe kabad aka ciro takardun da aka kawo daga fili.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum uku ne muka karanta rahoton kafin ya fita, har da ni. Kowa ya karanta tun daga farko har ƙarshe, kowa ya ce ya yi. Babu wanda ya yi ha'inci. Karantawa muka yi, ba dubawa ba. Mai karatu yana bin ma'ana ne, idan zance ya tafi sumul sai idonsa ya wuce. Mai dubawa kuwa yana ajiye abu biyu gefe da gefe, abin da aka rubuta da inda aka samo shi, ya kwatanta. Wannan takarda a kan haka take. Zagaye biyar ne, kowanne da abin da ake nema a cikinsa shi kaɗai, kuma na jera huɗun farko ne bisa girman ɓarnar da kuskuren kan jawo, ba bisa sauƙinsu ba.

Shiri kafin a fara

Abu na farko, wanda ya rubuta rahoto ba shi zai yi masa duban ƙarshe ba. Laifi tudu ne, kuma a rubutu abin ya fi tsanani, saboda marubuci ya riga ya san abin da yake nufi, idonsa zai cike masa kalmar da ya tsallake. Idan babu makawa sai shi, to ya ajiye rahoton ya kwana. In lokaci bai ba da dama ba, ko zuwa salla da cin abinci ya dawo ya fi babu.

Na biyu, a daina taɓa rahoton. Da zarar an miƙa shi ga mai dubawa, marubuci ya ɗauke hannu. Na sha ganin ana duba kwafi ɗaya a nan, can kuma wani yana ƙara sakin layi a wani kwafin da ke filashinsa, ƙarshe wanda ba a duba ba shi ake bugawa. Sunan fayil ma ya nuna wane ne wane. Mu bar sa wa fayil suna "na ƙarshe", da "na ƙarshe na gaske". A sa kwanan wata da lambar daftari, kamar haka:

```
Rahoto_Rubui2_2025-07-08_d3.docx
```

Na uku, a buga shi a takarda. Na san ana ƙorafin tawada da takarda, amma rahoton da zai je wurin Darakta ya cancanci bugu ɗaya na gwaji, ko a bayan tsofaffin takardu ne. Mai dubawa ya zauna da jan biro, da rula, da kalkuleta, sannan, kuma wannan shi ne babba, da takardun asali: baucoci, rasidai, takardar halartar taro, wasiƙar da ake ba da amsarta, da rahoton rubu'in baya. Wanda ya zauna duba babu waɗannan a gabansa, rubutun kalmomi kawai zai iya gyarawa.

Zagaye na ɗaya: alƙaluma

A nan za mu daɗe, don a nan ake jin kunya. A wannan zagaye kada ka karanta zance ko kaɗan. Ka bi shafi shafi, duk inda ka ga lamba ka zagaye ta da biro, ko a cikin jadawali take ko a tsakiyar jimla. Sannan ka yi wa kowace tambaya uku: daga ina ta fito, lissafinta ya tashi daidai, kuma haka take a duk sauran wuraren da aka ambace ta?

Bari in haɗa misali don gwaji, ba alƙaluman ofishinmu ba ne. A ce rahoto ne na gyaran rijiyoyin burtsatse a mazaɓu huɗu, an tsara gyara 50 a rubu'in. Jadawali ya nuna mazaɓa ta farko an gyara 12, ta biyu 9, ta uku 15, ta huɗu 7. A layin jimla an rubuta 36. A taƙaitaccen bayanin shafin farko kuma an ce an cim ma kashi 72 cikin ɗari na abin da aka tsara.

In karantawa kake yi, babu abin da zai tsayar da kai. 36 cikin 50 kashi 72 ne cif, lissafin ya yi kyau. Sai ka ɗauki kalkuleta ka tara da hannunka: 12 da 9 sun ba da 21, da 15 ya zama 36, da 7 ya zama 43. Ashe jimlar ta bar mazaɓa ta huɗu a waje. Aikin da aka yi 43 ne, wato kashi 86, mun rage wa kanmu ƙoƙari da hannunmu, kuma da Darakta ya je taro ya kare gazawar da ba a yi ba.

Yadda irin wannan ke faruwa sananne ne. An shirya jadawalin a `Excel` lokacin da bayanan mazaɓu uku kaɗai suka iso. Da na huɗu ya zo, sai aka cusa sabon layi dab da saman layin jimla, lissafin kuma bai faɗaɗa ya haɗa da shi ba. Idan ka danna gidan jimlar za ka ga na sama, alhali na ƙasa ya kamata ya kasance:

```
=SUM(C2:C4)
=SUM(C2:C5)
```

Akwai ɗan'uwan wannan kuskure da ya fi shi ɓuya. Wani lokaci lambar tana cikin layukan da ake tarawa, amma kwamfuta ta ɗauke ta a matsayin rubutu, ba lamba ba, musamman idan an kwafo ta daga wani wuri ko an buga harafin O a madadin sifili. `SUM` ba ya yin ƙorafi, tsallake ta kawai yake yi. Alamarta ita ce takan jingina a hagun gidan alhali 'yan'uwanta suna dama, wani lokaci da ɗan koren tabo a kusurwar sama. Shi ya sa nake cewa kada a yarda da jimla don kawai kwamfuta ce ta tara. Kwamfuta ba ta kuskuren tarawa, amma abin da aka nuna mata kaɗai take tarawa.

Mu koma kan kuɗi a misalin namu. Baucoci huɗu sun nuna ₦2,450,000, da ₦1,870,000, da ₦3,120,000, da ₦1,560,000. Jimlarsu miliyan tara daidai, kuma haka ofishin akanta ya rubuta. Amma rahoton ya ce ₦8,910,000. Ka tara jadawalin rahoton, ya tashi daidai da abin da aka rubuta a ƙasansa, saboda haka ba a tarawa matsalar take ba. Bambancin ₦90,000 ne. Ga dabarar da wani tsohon akanta ya koya mini tun ina ƙaramin akawu: idan bambanci ya rabu da tara ba saura, fara zargin cewa an juya lambobi biyu da ke kusa da juna. Ka bi layi layi da rula, sai ga shi an buga 1,780,000 a madadin 1,870,000. Bakwai da takwas sun yi musayar wuri. Dabarar ba hujja ba ce, bambanci na iya rabuwa da tara don wani dalili dabam, amma tana nuna maka inda za ka fara haƙa.

Hanyar da ta fi kama irin wannan ita ce mutum biyu. Ɗaya ya riƙe bauca yana karantawa da ƙarfi, lamba ɗaya ɗaya, "ɗaya, takwas, bakwai, sifili", ɗayan yana bin rahoto da bakin biro. Kada a karanta "miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da saba'in", domin kunne kan ji abin da ido ke gani. Jadawali mai layi ashirin ba ya cin minti biyar a haka.

Da ka gyara lamba a wuri ɗaya, aikin bai ƙare ba. 36 ɗin nan tana iya zama a taƙaitaccen bayani, da cikin rahoto, da ƙarƙashin zane, da wasiƙar da za ta raka rahoton. Ka danna `Ctrl+F` ka nemi 36, ka nemi 72, ka kuma nemi adadin da aka rubuta da kalmomi, domin wani yakan rubuta shi da haruffa a wata jimla. Sannan ka nemi abin da ya dogara da ita: idan an gyara 43, saura 7 ke nan, ba 14 ba, kuma jimlar da ta ce "aikin bai kai yadda ake so ba" wataƙila ba ta da wurin zama kuma. Wannan shi ne ainihin abin da ya kama mu a rubu'in baya. An gyara jadawali, an manta da shafin farko, wanda shi Darakta ke fara karantawa, wani lokaci ma shi kaɗai.

Abu biyu ƙanana kafin in bar alƙaluma. Idan kason da ke jadawali ya tashi 99 ko 101 maimakon 100, sau da yawa ba kuskure ba ne, mai da lambobi zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa ne ya jawo, sai a sa ɗan bayani a ƙasan jadawalin. Sannan a tabbata kan jadawali ya faɗi ma'auni. Lambar 450 a ƙarƙashin kan da ya ce "dubban naira" tana nufin ₦450,000, wanda ya kwafe ta zuwa cikin zance ba tare da lura ba ya mai da ita kuɗin ruwan leda.

Kuma ina roƙo, mai dubawa kada ya canza lamba da kansa. Ya zagaye ta, ya rubuta a gefe abin da ya gani a bauca, ya mayar wa marubuci. Wani lokaci baucar ce tsohuwa, an sake wata, marubuci ya sani, kai ba ka sani ba.

Zagaye na biyu: sunaye, muƙamai da ranaku

Mutum na iya yafe maka waƙafi, amma ba ya mance wanda ya ɓata masa suna. Ƙa'idar a nan guda ce: yadda mai suna yake rubuta sunansa, haka za a rubuta. Muhammad, da Muhammadu, da Mohammed duk suna ɗaya ne a baki, amma a takarda mutum uku ne. A duba wasiƙar da ya sa wa hannu ko takardar halarta da ya cike da kansa. Haka laƙabi: in Injiniya ne ko Dokta ko Farfesa, a sa, kuma a sa iri ɗaya daga farko har ƙarshe. A lura da mai riƙon muƙami. Wanda yake muƙaddashi a watan Afrilu wataƙila an tabbatar da shi kafin Yuli, ko an kawo wani.

Sunayen wurare ma suna da tarko. Dawakin Kudu dabam, Dawakin Tofa dabam, dukansu ƙananan hukumomi ne a Kano, wanda ya rubuta "Dawaki" kawai ya bar mai karatu a mararraba. Birnin Kudu a Jigawa yake, Birnin Gwari a Kaduna. Unguwar da ake kira Tudun Wada ko Sabon Gari kuwa, garuruwa da yawa suna da tasu, sai an faɗi ta wane gari.

Kwanan wata shi ne inda kwamfuta ke yi mana rashin kirki. Mu a nan rana muke fara rubutawa sannan wata, amma kwamfutoci da yawa suna zuwa a saite da tsarin Amurka, wata kafin rana. Ɗauki 05/06/2025. A wurinmu 5 ga Yuni ne, ranar Alhamis. A tsarin Amurka 6 ga Mayu ne, ranar Talata. Dukansu suna cikin rubu'i na biyu, dukansu ranakun aiki ne, babu abin da zai sa ka yi zargi. Maganin shi ne a rubuta sunan wata da haruffa a duk cikin rahoto. Idan kuma an ambaci rana da kwanan wata tare, a ɗaga kai a dubi kalandar bango. Rahoton da ya ce an yi zaman ofis ranar da ta faɗo Lahadi, ko 12 ga Yuni da ake hutun Ranar Dimokuraɗiyya, yana buƙatar tambaya.

A wannan zagayen ne kuma ake farautar ragowar tsohon rahoto. Kowa ya san ba daga farar takarda muke farawa ba, na rubu'in baya muke buɗewa mu sauya. Ba laifi ba ne. Amma a nemi sunayen watannin da suka wuce da `Ctrl+F`, Janairu, Fabrairu, Maris, da tsohuwar shekara. Rubutun da ke can saman kowane shafi da na ƙasansa, da bangon rahoto, a dube su da ido, domin nan ne "Rubu'i na Ɗaya" ke kwanciya ya bi rahoton rubu'i na biyu har ofishin Darakta.

Gargaɗi ɗaya a kan `Replace All`. Wani ɗan bautar ƙasa da ya taɓa zama da mu, yaro mai ƙwazo, ya ga 2024 ta yi yawa a daftari, sai ya sauya su duka zuwa 2025 da dannawa ɗaya. Ya zo yana murna, "Baba, na gama." Ya sauya har da lambar wasiƙar bara da muke ambato, da kan jadawalin da ke kwatanta bara da bana, sai ga 2025 ana kwatanta ta da 2025. Garin gyaran gira. A yi amfani da `Find Next`, a duba kowanne kafin a sauya.

Zagaye na uku: shin sassan rahoton sun san juna?

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Duk inda aka ce "duba Jadawali na 3", ka je ka ga ko na ukun ne ke ɗauke da abin. Duk inda aka ce "Rataye na B", ka tabbata akwai shi, kuma an haɗa shi a jiki. Idan an ce shawarwari biyar ne, ka ƙirga. Lambobin shafi da ke cikin jerin abubuwan da ke ciki su dace da ainihin shafukan. In `Word` ne ya haɗa jerin da kansa, a danna `Ctrl+A` sannan `F9` don ya sabunta, daga nan a nemi wannan saƙo, wanda ke fitowa idan an goge abin da ake nuni gare shi:

```
Error! Reference source not found.
```

Sannan tambayar da ta fi waɗannan duka: me ake so Darakta ya yi? Idan amincewarsa ake nema, ko sakin kuɗi, ko sanarwa ce kawai, ya kamata ya gani a shafin farko, da adadi da wa'adi. Wannan ya ɗan wuce aikin mai duba rubutu, na sani, amma in ka karanta shafin farko ba ka gane abin da ake roƙo ba, ka faɗa wa marubuci.

Zagaye na huɗu: kalmomi

Sai yanzu muka zo kan abin da yawancin mutane ke ɗauka shi ne duban gaba ɗaya. Ka fara da `F7` ka bar kwamfuta ta kwashe na fili, amma ka san iyakarta. Ba kullum take kama kalmar da take daidai a rubuce amma ba ita ake nufi ba. A rahoton Turanci, `form` a wurin `from` zai iya wucewa, `manger` a wurin `manager` zai iya wucewa, kuma mafi haɗari, `now` a wurin `not`, wanda ke juya hukunci ya koma kishiyarsa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne `Word` yana zuwa ne a saite ya tsallake duk kalmar da aka rubuta da manyan haruffa zalla. Kanun rahotanninmu kuwa da bangonsu duk da manyan haruffa muke rubuta su. Ma'ana, wurin da ido ya fi sauka shi ne wurin da kwamfuta ba ta duba ko kaɗan. A shiga `File`, `Options`, `Proofing`, a cire alamar da ke kan `Ignore words in UPPERCASE`. A kuma saita harshe ya tsaya a kan `English (United Kingdom)`, don kada rabin rahoto ya bi rubutun Ingila rabi ya bi na Amurka.

Daga nan sai takarda da rula. Ka ɗora rular a ƙarƙashin layin da kake karantawa don ido kada ya yi gaba, ka riƙa motsa leɓe kana furtawa. Wanda ya ga kana magana kai kaɗai ya yi ta dariyarsa. Kunne na kama kalmar da aka maimaita da wadda aka tsallake fiye da ido. Idan kai ne marubucin kuma babu mai taya ka, ka fara daga jimlar ƙarshe ka yi baya, jimla jimla, don zaren labari kada ya ja ka.

Takardun da muke fitarwa da Hausa, irin na masu unguwanni da sanarwar jama'a, suna da nasu ciwon, wato ƙugiya da rabon kalma. Dubi waɗannan uku: "an ba ta kuɗin", "an ɓata kuɗin", da "an bata kudin" da muke yawan bugawa cikin sauri. Na farko an miƙa wa wata kuɗi, na biyu an salwantar da su, na uku kuwa mai karatu ne zai zaɓi wanda ya ga dama, kuma a takardar da ta shafi kuɗin jama'a ba na son a ba kowa wannan zaɓi. Haka "baki" da "baƙi", haka "kafa" da "ƙafa". Wanda allon bugunsa ba shi da haruffan, a cikin `Word` ya buga `U+` da lambar harafin a haɗe, ya danna `Alt+X` nan take:

```
0199 = ƙ    0257 = ɗ    0253 = ɓ    20A6 = ₦
```

Na haɗa da alamar naira don na gaji da ganin N da aka ja wa layi biyu da biro. Sai dai a duba bugun takarda da kyau, domin wasu nau'o'in rubutu ba su da waɗannan haruffa, sai su fito kamar ɗan akwati, ko su fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma.

Zagaye na biyar: abin da zai fita

Bayan marubuci ya shigar da gyare-gyare, a dawo wa mai dubawa da tsohuwar takarda mai jan biro tare da sabon bugu. Ya bi kowane jan biro ya ga an gyara, ya kuma karanta jimlar da aka taɓa gaba ɗayanta, saboda wurin gyara ne sabon kuskure ke shiga. Wannan mataki shi aka fi tsallakewa, don a lokacin kowa ya gaji, masinja kuma yana tsaye a bakin ƙofa.

Idan ta imel za a aika, akwai abin da ya fi kuskuren rubutu muni. Wanda ya yi aiki da `Track Changes` ya sani cewa zaɓar `No Markup` ɓoye gyare-gyaren kawai yake yi, bai share su ba. Wanda ya buɗe fayil ɗin a can zai iya ganin duk abin da aka goge da duk tsokacin da muka yi wa juna a gefe, har da irin "wannan adadin anya kuwa?" A shiga `Review` a zaɓi `Accept All Changes`, a goge tsokaci duka, sannan a bi `File`, `Info`, `Check for Issues`, `Inspect Document` don a tabbata babu saura. Bayan haka a mai da shi `PDF`, a buɗe `PDF` ɗin a bi shafukansa da ido. A duba girman takarda yana kan `A4`, ba `Letter` ba, in ba haka ba layuka za su gurgusa, jadawali ya rabu biyu, wurin sa hannu ya koma wani shafi shi kaɗai. Kada a bar shafin da babu komai a kansa sai sa hannu.

Wanda za a kai da hannu kuma, a ƙirga shafukan bayan an buga. Firintarmu takan ja takarda biyu a haɗe, kuma in an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, ba kullum take ci gaba daga inda ta tsaya ba.

Ga abin da za a manna a cikin bangon kowane fayil, mai dubawa ya sa alama a gaban kowane layi, ya sa hannu da kwanan wata a ƙasa:

1. Na kwatanta kowace lamba da takardar asali, na tara jimloli da hannu, na ga adadi ɗaya ne a ko'ina.
2. Na duba sunaye, muƙamai, wurare da ranaku, babu ragowar tsohon rahoto.
3. Jadawali, rataye da lambobin shafi sun dace da inda aka ambace su, buƙatar kuma tana shafin farko.
4. Na karanta kalmomi a takarda, har da kanu da bango.
5. Na ga an shigar da gyare-gyare, an share tsokaci, shafuka sun cika.

Sa hannun ba don a sami wanda za a kama ba ne. Rahoto na marubucinsa ne da shugaban sashe, kamar yadda yake tun da. Amfaninsa shi ne mutum ba ya son sa hannu a kan abin da bai yi ba, sai ya yi.

A nawa gwajin, rahoto mai shafi ashirin da jadawali huɗu ko biyar yana cin kamar awa ɗaya da rabi, kuma kusan rabin lokacin a zagaye na ɗaya yake tafiya. Saboda haka rahoton da za a kai ranar Alhamis ya iso teburin mai dubawa kafin a tashi ranar Talata. Na san akwai ranar da za a bugo waya daga sama a ce ana son abu cikin minti talatin. A irin wannan rana a yi zagaye na ɗaya da na biyu a kan shafin farko da jadawalai, a share tsokaci, a kai, kuma a faɗa wa Darakta da baki cewa sauran shafukan ba a gama dubawa ba.

Akwai abin da wannan tsari ba zai iya ba. Idan takardar da aka kawo daga fili ita kanta ƙarya ce ko kuskure, aka rubuta an gyara rijiya 15 alhali 11 ne, duk zagayen nan biyar za su wuce ta lafiya lau, domin da ita muke kwatantawa. Abin da mai dubawa zai iya shi ne ya ajiye rahoton baya a gefe, in ya ga mazaɓar da ta saba kawo 4 ko 5 ta kawo 15 ba tare da wani bayani ba, ya rubuta alamar tambaya a gefe, shugaban sashe ya buga waya.

Ranar Litinin bayan azahar za mu zauna a ɗakin taro mu gwada a kan rahoton rubu'in da ya wuce, kwafin da aka dawo mana da shi. Na rufe jan biron Darakta kafin in yi hotonsa, kuma bayan wurare biyun da ya kama, ni na ƙara samun huɗu. Kowa ya zo da biro da kalkuletarsa.

Na gode.